Makonni nawa kafin tafiya ya kamata a sayi tikitin jirgi? Bambancin tafiyar ƙetare da ta cikin gida

Wanda zai tashi daga Kano zuwa Landan ko Guangzhou da wanda zai tashi daga Kano zuwa Legas, tambaya ɗaya suke yi wa ejan ɗinsu: in saya yanzu ko in ɗan jira? Amsar da ta dace da ɗaya tana iya cutar da ɗayan. A ganina, idan ba lokacin cunkoso ba ne, mai doguwar tafiya zuwa ƙetare ya sayi tikitinsa tsakanin makonni 8 zuwa 16 kafin ranar tashi, shi kuwa mai tafiyar cikin gida makonni 2 zuwa 4 sun ishe shi. A lokacin cunkoso lissafin yana komawa watanni 4 zuwa 6 ga na farko, makonni 6 zuwa 8 ga na biyu. Waɗannan lambobi ba doka ba ce, ma'auni ne da ke fitowa daga yadda kamfanoni ke sayar da kujerunsu. Wanda ya gane yadda ake sayarwar zai san inda zai matsar da lambar gaba da inda zai ja ta baya.

Abu na farko shi ne jirgi ba shi da farashi ɗaya. A ɓangaren gama-gari kaɗai, inda kujerun duk iri ɗaya ne kuma abincin ɗaya ne, kamfani yakan tsara matakan farashi goma ko fiye, kowane mataki da harafinsa. Harafin Y galibi shi ne mafi tsada a wannan ɓangare, sauran haruffan kuma kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Idan ejan ya buɗe na'urarsa ya nemi jirgin wata rana, zai ga layi mai kama da wannan:

```
Y9 B9 M9 H9 K9 L4 Q0 V0
```

Lambar da ke gaban kowane harafi ita ce yawan kujerun da kamfani ya yarda a sayar a wannan mataki a wannan lokacin. Lamba 9 na nufin tara ko fiye, domin na'urar ba ta nuna sama da haka. A wannan misali matakai biyu mafi araha sun rufe, na uku saura kujeru huɗu. Da zarar an sayi huɗun nan, wanda ya zo nema zai tarar da farashin K, sai ya ce an ƙara kuɗi. Ba a taɓa jadawalin farashin ba, matakin da ke ƙasa ne ya ƙare. Shi ya sa kuɗin tikiti ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi, yau yana nan, jibi ya ɗaga da dala ɗari ko biyu a lokaci guda.

Me ya sa kamfani zai rufe mataki mai araha alhali rabin jirgin ba kowa? A tasha direba yana jira motarsa ta cika kafin ya tashi, jirgi kuwa lokacinsa na yi zai tashi ko da kujeru hamsin ba mutane, kuma kujerar da ta tashi ba kowa ta zama asarar da ba ta dawowa. Duk da haka, sayar da ita da arha tun da wuri wata asarar ce, idan akwai wanda zai zo daga baya ya biya ninki biyu. Tun a 1972 wani ma'aikacin kamfanin jiragen Birtaniya na BOAC mai suna Ken Littlewood ya tsara ƙa'idar da har yau ake gini a kanta. A ce kujera ɗaya ce ake shawara a kanta. Ga mai son biyan dala 600 yau, ga kuma yiwuwar wani ya zo ana saura kwana uku ya biya dala 1,500. Dala 600 kashi 40 cikin ɗari ne na dala 1,500. Idan tarihin wannan jirgi ya nuna cewa yiwuwar zuwan mai biyan tsadar ta wuce kashi 40 cikin ɗari, sai a hana mai dala 600 a ajiye kujerar. Idan ba ta kai ba, a sayar masa. Bayan da Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara a kan farashi a 1978, kamfanin American Airlines ya mayar da wannan tunani babban tsarin kwamfuta, sauran duniya ta bi sahu. Don haka ainihin abin da mai sayen tikiti ke son sani shi ne lokacin da matakan ƙasa ke rufewa a hanyar da zai bi, kuma a nan ne doguwar tafiya da gajeriya suke raba hanya.

Dalilin da ya sa tafiyar ƙetare ke son a yi sammako

Manyan kamfanoni suna buɗe sayar da tikiti kusan watanni 11 kafin ranar tashi. Mutanen da ke cika jirgin Landan ko na Jidda masu shiri ne tun da nisa: ɗalibai da suka san ranar buɗe makaranta, iyalai da suka san ranar hutu, marasa lafiya da asibiti ya ba su rana, masu Umara da suka yi shekara suna tari. Saboda haka kujeru masu araha sukan fara tafiya tun ana saura watanni. Kuma hanyoyin ba su da yawa. Kamfani ɗaya yakan tashi sau ɗaya a rana, wani ma sau uku ko huɗu a mako, don haka idan matakin araha ya rufe a jirgin Laraba, ba wani jirgin yamma da za a koma wa.

Akwai wani dalili da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma ga matafiyin Kano shi ne ya fi nauyi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, yawancin doguwar tafiya sai an yada zango, ko a Alƙahira da EgyptAir, ko a Addis Ababa da Ethiopian, ko a Doha da Qatar Airways. Tafiya da dawowa ta zama jirage huɗu ke nan. Kafin a ba ka farashin mataki mai araha a tafiyarka, dole kamfanin ya yarda ya sayar maka da wannan mataki a jiragen biyu da za ka hau, haka ma a dawowa. Jirgin Kano zuwa Addis Ababa yana iya zama da sarari, amma na Addis Ababa zuwa Guangzhou yana ɗaukar 'yan kasuwa daga Legas da Akkara da Kinshasa da sauran biranen Afirka da dama, duk a kujeru ɗaya ake takara. Idan wancan ya cika, tikitinka ya hau, ko da jirgin da za ka shiga a Kano rabinsa babu kowa. Abokan takararka ba a garinku suke ba, kuma ba ka ganinsu. Wannan ne ya sa jira ya fi haɗari a tafiya mai zango fiye da tafiya kai tsaye.

Sai kuma sharuɗɗan da aka rubuta a jikin farashin kansa. Tikiti mai araha sau da yawa yana ɗauke da sharaɗin a saye shi kwana 7 ko 14 ko 21 kafin tashi, wani lokaci fiye. Ranar da wa'adin ya wuce, wannan farashi ya ɓace ko da matakin yana da kujeru. An yi haka ne don raba mai tafiyar nishaɗi da mai tafiyar dole, domin wanda ofis ya tura taro ko wanda aka yi wa rasuwa ba ya ciniki. Wanda ya bari sai ana saura makonni biyu ya nemi tikitin Landan, na'urar kamfani za ta sa shi a sahun masu tafiyar dole ko da yawon buɗe ido zai je.

To me ya hana a saya tun ranar da aka buɗe, ana saura watanni 11? Wani lokaci ba laifi, musamman a lokacin cunkoso. Amma a lokacin da ba cunkoso, kamfani bai matsu ba tukuna. Bai ga yadda kasuwar za ta kasance ba, abokan gasarsa wasu ba su ma fitar da jadawali ba, kuma rangwamen da yake yi don cike gurbi yakan zo ne daga baya, idan ya ga sayarwa ta gaza abin da ya yi hasashe. Ga shi kuma kamfanoni suna sauya jadawali sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka tikitin da aka saya da nisa sosai yana iya fuskantar canjin lokaci da zai mayar da jiran awa biyu a zango ya koma kwana. Tsakanin watanni biyu zuwa huɗu shi ne lokacin da jadawali ya zauna, gasa ta fito fili, kuma matakan ƙasa ba su ƙare ba.

Cikin gida wata duniya ce

Kano zuwa Legas kamar awa ɗaya da rabi ce a sama, Kano zuwa Abuja ba ta kai awa ɗaya ba. Kamfanoni da yawa ne ke bin waɗannan hanyoyi, a hanyar Legas da Abuja kuwa jirage suna tashi tun asuba har dare. Kuma mafi yawan masu shiga ba su san za su yi tafiya ba sai ana saura 'yan kwanaki. Ɗan kasuwa ya ji kaya sun iso tashar jiragen ruwa, ma'aikaci an kira shi taro, wani an sa ranar ɗaurin aure. Idan ka duba irin wannan jirgi ana saura watanni biyu, kusan babu wanda ya taɓa shi. Matakin araha yana buɗe, kuma zai ci gaba da zama a buɗe har zuwa ana saura makonni uku ko biyu. Wanda ya saya ana saura makonni goma da wanda ya saya ana saura uku, sau da yawa kuɗi ɗaya suka biya.

Na farkon ma ya ɗauki kasadar da na biyun bai ɗauka ba. Kamfanonin cikin gida jiragensu ba su da yawa, idan ɗaya ya tafi gyara sai a haɗe jirage biyu ko a matsar da lokaci. Jirgin ƙarfe 7 na safe da aka saya tun watanni biyu baya yana iya komawa na ƙarfe 4 na yamma. Idan kuma kai ne ka fasa ko ka sauya rana, tarar da za a cire da cikon da za a nema suna iya cinye babban kaso na kuɗin tikitin, tunda kuɗin tikitin ba shi da yawa tun farko. Wanda ya riga kowa saye a hanyar cikin gida, ribarsa kaɗan ce, hasararsa kuwa tana iya zama babba.

Inda farashin cikin gida ke tashi da gaske shi ne makon ƙarshe, musamman kwanaki uku na ƙarshe, da kuma wasu sa'o'i sanannu: jirgin safiyar Litinin, na yammacin Juma'a, da na yammacin Lahadi. A nan sauya sa'a ya fi sauya ranar saye amfani. Jirgin tsakar ranar Talata ko Laraba da aka saya ana saura kwana biyar yana iya fin na yammacin Juma'a da aka saya ana saura makonni biyu araha.

Lokutan biki ne kaɗai ke rusa wannan sauƙi. Kwanakin da ke gaban Ƙaramar Salla da Babbar Salla a jiragen da ke zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yola, da rabin ƙarshe na Disamba a jiragen da ke zuwa Inugu da Owerri da Asaba, a nan jirgin cikin gida yana ɗaukar halin na ƙetare: kowa ya san ranar tun da wuri, kowa hanya ɗaya ya nufa. Makonni 6 zuwa 8 ba su yi yawa ba. Abin lura shi ne cunkoson gefe ɗaya yake yi. Ana jajiberin Salla, jirgin Legas zuwa Kano a cike yake, na Kano zuwa Legas kuwa da sarari, bayan Salla kuma ya juya.

Ɗalibar da za ta Landan a watan Satumba

A ɗauki ɗaliba daga Kano da za ta fara karatu a wata jami'a a Birtaniya, tana son tashi ranar 15 ga Satumba. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne don lissafin ya fito, ba farashin wani kamfani ba ne. Makonni 16 kafin wannan rana shi ne 26 ga Mayu, makonni 8 kuma 21 ga Yuli. Amma Satumba lokacin cunkoso ne a wannan hanya, domin ɗalibai na tafiya, waɗanda suka zo hutun bazara gida kuma suna komawa. Don haka lokacin da ya fi dacewa ta saya shi ne tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, in an makara kada ya wuce Yuni, ba ƙarshen Yuli ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A watan Yuni ba ta da biza. Birtaniya ta yarda a nemi bizar karatu tun ana saura watanni 6 a fara darasi, kuma amsa takan fito cikin kimanin makonni uku, amma ba a iya nema sai jami'a ta ba da takardar tabbatar da gurbi, wadda sau da yawa ba ta zuwa sai an biya wani ɓangare na kuɗin makaranta. A ce takardar ta zo mata a tsakiyar Yuli, biza ta fito ranar 10 ga Agusta. Saura makonni biyar ke nan. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a sayi tikiti sai biza ta fito, kuma shawara ce mai kyau ga wanda ke shakkar samu. Amma tana da farashinta, kuma ana iya lissafa shi.

A ce a watan Yuni akwai tikitin zuwa iri biyu: na dala 750 wanda ba a mayar da kuɗinsa, da na dala 900 wanda idan an fasa za a cire dala 150 a mayar da saura. A ce kuma a tsakiyar Agusta mafi araha ya zama dala 1,250. Idan ta sayi na 900 kuma biza ta fito, ta tsira da dala 350. Idan ba ta fito ba, ta yi asarar 150. Wannan ciniki yana da riba muddin yiwuwar samun bizarta ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma ɗalibar da takardunta da kuɗin bankinta suka cika tana da dalilin ganin ta wuce haka nesa. Na 750 fa? Idan biza ta fito ta tsira da dala 500, idan ba ta fito ba kusan duka kuɗin sun tafi, sai ɗan abin da za a mayar na haraji. Kafin wannan ya zama mai riba sai yiwuwar ta kai kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma ko da ta kai, dole iyayenta su tambayi kansu ko za su iya jure asarar dala 750 a rana ɗaya. Ni dai na 900 zan ba su shawara.

Haɗarin da ya fi ƙin ba da biza yawa shi ne jinkiri. Idan biza ba ta fito ba sai 20 ga Satumba, dole a matsar da rana, kuma a nan mutane da yawa ke ƙonewa. Tikitin da aka rubuta cewa ana iya sauya ranarsa ba ya nufin kyauta ne. Ko da babu tara, sai an biya bambancin da ke tsakanin matakin da aka saya da matakin da ke buɗe a sabuwar rana. Wadda ta saya a 900, aka matsar da ita ranar da mafi araha ya zama 1,400, za ta cika 500. Saboda haka kafin a biya, a sa ejan ya karanto abubuwa uku daga sharuɗɗan tikitin: tarar sauya rana, tarar fasawa, da tarar rashin zuwa filin jirgi ba tare da sanarwa ba. Ta ukun ita ce mafi zafi, a wasu tikitocin tana kashe tikitin gaba ɗaya, har da dawowa. Wanda ya ga ba zai samu tafiya ba, ya sanar kafin lokacin tashi, ko da da 'yan sa'o'i ne.

Yanzu a ce ta zaɓi jirgin da ke tashi daga Legas kai tsaye, kamar na British Airways ko Virgin Atlantic zuwa Heathrow, ko na Air Peace da ya fara zuwa Gatwick a ƙarshen Maris 2024. Tafiyarta ta zama tikiti biyu masu agogo daban. Na Landan an saye shi tun Yuni. Na Kano zuwa Legas kuwa ba dalilin sayensa kafin biza ta fito, ƙarshen Agusta ya wadatar, wajen ranar 25 ga wata. Abin da ya fi ranar sayen muhimmanci shi ne ta sayi na ranar 14, ba na ranar 15 ba. Tikiti biyu daban ba su san juna ba. Idan jirgin Kano ya yi jinkirin sa'o'i biyar ta rasa na Landan, kamfanin Landan zai ɗauke ta a matsayin wadda ba ta zo ba, na cikin gida kuma alhakinsa bai wuce kai ta Legas ba. A Legas ma tashar jiragen cikin gida da ta ƙetare ba gini ɗaya ba ne, sai an karɓi kaya an shiga mota. Kuɗin kwana ɗaya a masauki ba komai ba ne kusa da sabon tikitin Landan da za a saya a ranar tafiya. Idan tafiyar tsakanin Disamba da Fabrairu ce, lokacin da hazon hunturu ke hana jirage sauka da tashi a Kano, wannan kwana ɗayan ya zama wajibi. A haɗa kuɗin tikitin cikin gida da masauki da ƙarin kuɗin kaya (jiragen cikin gida ba sa ba da nauyin da na ƙetare ke bayarwa) sannan a kwatanta da tikiti guda da ya tashi daga Kano ta Alƙahira ko Doha, inda kamfani ne ke da alhakin sa ta a jirgi na gaba idan jinkirin daga wajensa ne.

Naira tana da nata hannun a ciki

Yawancin shawarwarin da ake karantawa kan lokacin sayen tikiti an gina su ne a kan kasuwar Amurka. A 2022, alal misali, Google ya fitar da cewa a tafiye-tafiyen cikin Amurka farashi ya fi sauƙi tsakanin kwana 21 zuwa 60 kafin tashi. Can mai saye da kamfani kuɗi ɗaya suke amfani da shi. A Najeriya tikitin ƙetare da dala aka tsara shi, ana juya shi zuwa naira ne da canjin ranar da aka fitar da shi. Don haka mai jira caca biyu yake yi a lokaci guda, ɗaya a kan kujera, ɗaya a kan canji. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a hukumance, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wanda ya yi jira a wancan tsakani don samun rangwamen kashi 10 cikin ɗari ya biya ninki a naira. Idan naira na faɗuwa, a matso da saye zuwa farkon wa'adi. Idan ta tsaya cik, ana iya bin lissafin da aka saba.

An ma taɓa shiga lokacin da sammakon bai yi amfani ba. Tsakanin 2022 da 2023 kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har suka haura dala miliyan 800 a lissafin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Emirates ta dakatar da zuwa a ƙarshen 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Da yawa daga cikin waɗanda suka ci gaba da zuwa sun rufe matakan araha ga masu saye daga Najeriya, sai na sama kaɗai suka bari. A irin wannan yanayi ko ana saura watanni shida ka nema, farashin tsada za ka tarar. Alamarsa ita ce ka ga kuɗin kusan ɗaya ne ko wace rana ka zaɓa a cikin watanni masu zuwa.

Yadda za ka gane lokaci ya yi

Ba sai an yi duba ba. Ka fara kallon farashi tun kafin wa'adinka ya shigo, ana saura watanni biyar a tafiyar ƙetare, ana saura makonni shida a ta cikin gida, don ka san mene ne farashin ƙasa a wannan hanya. A Google Flights akwai jadawalin da ke nuna kuɗin kowace rana a wata. Idan ranarka kuɗinta ɗaya da na ranakun da ke kewaye da ita kuma shi ne mafi ƙasa, matakin araha yana nan. Idan ranakun da ke kusa sun fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, naka ma yana hanya.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka nemi tikitin mutum ɗaya, sannan ka sake nema na mutum biyar ko shida. Na'ura tana sa duk mutanen da ke cikin nema ɗaya a mataki ɗaya. Idan kuɗin kowane mutum ya tashi da ka ƙara yawansu, kujerun da suka rage a matakin ƙasa ba su kai wannan adadi ba, kuma lokacin saye ya yi. Wannan yana da amfani ga magidanci mai tafiya Umara da iyalinsa, su shida. Idan kujeru huɗu ne suka rage a matakin araha, neman shida a dunƙule zai jefa dukansu mataki na sama. Ejan da ya san aikinsa zai raba su, huɗu a ƙasa biyu a sama, ya tabbatar kowane yaro yana tare da babba a rajista ɗaya.

Masu Umarar goman ƙarshe na Ramadan su tuna cewa ranar tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka lissafin bara da watan Turawa ba zai yi aiki bana ba, kuma tun watan Rabi'ul Sani ko Jumada Ula ya kamata a fara nema. Masu zuwa baje kolin Canton na Guangzhou da ke farawa 15 ga Afrilu da 15 ga Oktoba su ma su ƙirga watanni huɗu baya. Aikin Hajji kuwa ba ya cikin wannan lissafi ga wanda ya bi ta hukumar alhazai, domin kuɗin jirginsa yana cikin kuɗin kujera. Maganar da ake yi cewa ranar Talata ce ranar arha ga mai sayen tikiti ta samo asali ne daga lokacin da kamfanonin Amurka ke fitar da rangwamensu a farkon mako. Yanzu na'ura na buɗe matakai tana rufewa kowace sa'a, kuma ranar da za ka tashi ta fi ranar da ka saya tasiri a kan abin da za ka biya.